Giɓin da Ke Tsakanin "Haka Abin Yake" da "Haka Ya Kamata"

Maganganun da mutane ke yi game da duniya sun kasu gida biyu. Akwai masu faɗin yadda abu yake: ruwa yana tafasa idan ya ji wuta, hatsi yana tsada kafin kaka, wane ya ci bashin wane. Akwai kuma masu faɗin yadda ya kamata a yi: wajibi ne a biya bashi, bai dace a wulaƙanta maraya ba, ya kamata a taimaki mai jin yunwa. Kashi na farko bayani ne, kashi na biyu hukunci ne. Ɗaya daga cikin manyan matsalolin da ɗalibin falsafa ke cin karo da su a shekararsa ta farko ita ce ko za a iya fitar da hukunci daga bayani zalla, ba tare da an shigo da wani hukunci ta bayan gida ba. Amsar da ta fi shahara ita ce ba za a iya ba, kuma wannan rashin iyawar ne ake kira giɓi tsakanin yadda abu yake da yadda ya kamata.

Matsalar tana ƙarƙashin reshen falsafar ɗa'a wanda ke binciken tushen hukunce-hukuncen kansu. Wannan reshe bai damu da yanke hukunci a kan sata ko ƙarya ba. Abin da yake tambaya shi ne mene ne ma'anar cewa abu laifi ne, daga ina ake sanin haka, kuma wace irin hujja ce ke iya tabbatar da shi.

Inda maganar ta samo asali

Wanda ake danganta matsalar da shi shi ne David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotilan, wanda aka haifa a Edinbara a 1711, ya rasu a 1776. Babban littafinsa, A Treatise of Human Nature, ya fito kashi uku tsakanin 1739 da 1740, kuma kashi na uku ne ya keɓe wa ɗa'a. A ƙarshen sashen farko na wannan kashi, cikin sakin layi ɗaya tak, Hume ya bayyana wani abu da ya lura da shi a littattafan ɗa'a da ya karanta. Marubuci zai faro da maganganu na bayani, game da samuwar Ubangiji ko halayen ɗan Adam, yana cewa abu kaza haka yake, abu kaza ba haka yake ba. Can sai a tarar jumlolinsa sun koma "ya kamata" da "bai kamata ba", ba tare da ya sanar da mai karatu cewa ya sauya hanya ba. Hume ya ce wannan sabuwar dangantaka ce da ke buƙatar bayani da dalili, domin da wuya a ga yadda za ta fito daga maganganun da suka sha bamban da ita.

Kafin ya kai ga wannan sakin layi, Hume ya kawo misalin da ke nuna inda ya dosa. Itace ya zubar da ƙwaya, ƙwayar ta tsiro kusa da shi, ta girma har ta rufe shi ta kashe shi. Idan aka dubi tsarin abin da ya faru, daidai yake da na ɗan da ya kashe mahaifinsa: wannan ya haifi wancan, wancan ya zama sanadin halakar wannan. Duk da haka babu mai zargin itace da laifi, alhali kisan mahaifi yana cikin mafi munin laifuka. Hume ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa munin aiki ba ya cikin jerin abubuwan da suka faru kawai. A ganinsa, ana samun sa ne a cikin ƙyamar da zuciyar mutum ke ji idan ta dubi aikin. Wannan ra'ayin nasa ne na kansa, kuma mutum yana iya yarda da giɓin ba tare da ya yarda da shi ba.

Sakin layin bai ja hankali sosai a zamanin Hume ba. A ƙarni na 20 ne masana falsafa na Birtaniya da Amurka suka mai da shi abin muhawara, har ya samu laƙabin "dokar Hume".

Dalilin da ya sa giɓin yake nan

Tushen maganar yana cikin ilimin manɗiƙi. Kowace hujja tana da muƙaddimomi, wato maganganun da aka aza a matsayin harsashi, tana kuma da sakamako, wato abin da aka fitar daga cikinsu. Hujja ingantacciya ita ce wadda ba zai yiwu muƙaddimominta su zama gaskiya sakamakonta ya zama ƙarya ba. Misali: duk ƙarfe yana ɗaukar zafi, tagulla ƙarfe ce, saboda haka tagulla tana ɗaukar zafi. Sakamakon bai zo da wani baƙon abu ba. Tagulla da ɗaukar zafi duka suna cikin muƙaddimomin tun farko, hujjar ta haɗa su ne kawai.

Hujja irin wannan kamar buhu take: wanda ya zuba dawa ba zai zazzage gero ba. Idan duk muƙaddimomin suna magana ne a kan yadda abubuwa suke, kuma babu ko ɗaya da ta ce wani abu ya dace ko bai dace ba, to sakamako mai ɗauke da "ya kamata" ya fito da abin da ba a zuba ba. Mutum zai iya amincewa da kowace muƙaddima, ya ƙi sakamakon, ba tare da ya saɓa wa kansa ba. Wannan shi ne gwajin da ɗalibi zai riƙe: idan ana iya karɓar muƙaddimomi a ƙi sakamako ba tare da tufka da warwara ba, to akwai abin da hujjar ta rasa.

Misali daki-daki

A ɗauki hujjar da ake yawan ji idan abinci ya yi tsada. Muƙaddima ta farko: idan 'yan kasuwa suka saye hatsi lokacin kaka suka ɓoye, hatsin da ke kasuwa yana raguwa, farashi ya tashi. Ta biyu: idan farashi ya tashi, iyalai masu ƙaramin ƙarfi suna rage cin abinci. Sakamako: saboda haka bai kamata 'yan kasuwa su ɓoye hatsi ba.

Kusan duk wanda ya ji wannan zai ga ta yi daidai. Amma a sa ta a gwaji. Wani ɗan kasuwa yana iya cewa ya yarda farashi zai tashi, ya kuma yarda wasu za su rage cin abinci, sai dai shi bai ga abin da ya hana shi yin abin da ya ga dama da kayan da ya saya da kuɗinsa ba. Ana iya kiran mutumin mara tausayi, amma ba za a ce maganarsa ta ci karo da kanta ba, domin bai musanta ko ɗaya daga muƙaddimomin biyu ba. Abin da ya musanta wata muƙaddima ce ta uku wadda ba a furta ba, wadda mai hujjar ya ɗauka kowa ya yarda da ita: bai kamata mutum ya yi abin da zai jawo wa wasu yunwa ba. Da zarar an rubuta ta, hujjar ta cika, kuma ana gani ƙarara cewa "bai kamata ba" na sakamakon daga cikinta ya fito.

Amfanin fito da wannan ɓoyayyiyar muƙaddima shi ne a samu damar auna ta. Da an auna ta kuwa, za a ga ta yi faɗi da yawa. Manomin da ya ajiye iri don shukar baɗi shi ma ya rage hatsin da ke kasuwa. Haka hukumar da ta sayi hatsi ta tara a rumbu don lokacin fari, ita ma tana iya ɗaga farashin yau. Idan muƙaddimar ta tsaya yadda take, ta haɗa da su duka, alhali mai hujjar bai yi nufin zarginsu ba. Dole ya gyara ta, ya ce misali: bai kamata mutum ya janye abinci daga kasuwa da gangan don ya ci riba daga matsin da mutane za su shiga ba. Yanzu an san ainihin abin da ake jayayya a kai, wato niyya, da riba, da iyakar haƙƙin mai dukiya a kan dukiyarsa.

Daga nan muhawarar ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da irin hujjar da ke warware shi. Ko ɓoye hatsi ne ya tada farashi, ko kuwa ƙarancin ruwan sama da tsadar sufuri ne, wannan tambaya ce ta bayani, kuma binciken kasuwa ne zai amsa ta. Ko haƙƙin mallaka ya fi buƙatar mai yunwa nauyi, wannan tambaya ce ta hukunci, kuma ko an tara alƙaluman farashi na shekara ɗari ba za su amsa ta su kaɗai ba. Sau da yawa gardama tana tsawo ne saboda ɗaya yana kawo alƙaluma, ɗayan kuma ƙa'ida yake musu.

Inda ake yawan zamewa

Akwai hanyoyi uku da ake tsallake giɓin ba a sani ba. Ta farko ita ce kafa hujja da halitta: a dawa mai ƙarfi yana cinye mara ƙarfi, saboda haka daidai ne mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi a cikin al'umma. An yi amfani da irin wannan tunani a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wasu suka ɗauki bayanin masana halittu game da gasar rayuwa suka mai da shi dalilin ƙin taimakon matalauta. Ɓoyayyiyar muƙaddimar ita ce duk abin da ke faruwa a halitta daidai ne. Ba ta da ƙarfi, domin cuta da annoba ma halitta ne, kuma babu mai cewa bai kamata a yi maganinsu ba.

Ta biyu ita ce kafa hujja da al'ada ko yawan masu yi: haka aka tarar ana yi, ko kowa yana yi, saboda haka babu laifi. Cewa an daɗe ana yin abu bayani ne na tarihi. Kafin ya zama hukunci sai an ƙara cewa duk abin da aka gada ya cancanci a ci gaba da shi, kuma cinikin bayi kaɗai ya isa ya rusa wannan.

Ta uku ta fi wuyar ganewa, domin hukuncin yana shigowa ne cikin muƙaddimar da ta yi kama da bayani. Idan aka ce abin da wane ya yi zalunci ne, saboda haka bai kamata ya yi ba, hujjar ta inganta, amma ba ta tsallake komai ba, tun da kiran aiki zalunci ya riga ya ƙunshi zargi. Hanyar ganewa ita ce a sake faɗin abin da ya faru tsurarsa: wane ya karɓe gonar wane ba da yardarsa ba. Idan bayan haka sakamakon ya daina fitowa kai tsaye, to hukuncin yana cikin lafazin da aka cire.

Ƙoƙarin cike giɓin: alkawari

Ba duk masana suka yarda giɓin ba ya tsallakuwa ba. Fitaccen ƙalubale ya zo daga John Searle na Amurka, a wata maƙala da ya buga a 1964. Ya jera matakai biyar. Wani mai suna Jones ya furta wa Smith kalaman alkawarin biyansa dala biyar. Saboda haka Jones ya yi alkawari. Saboda haka ya ɗora wa kansa nauyin biya. Saboda haka nauyin yana kansa. Saboda haka ya kamata ya biya. Matakin farko bayani ne zalla, wanda kowane shaida zai iya tabbatarwa, na ƙarshe kuma hukunci ne.

Searle ya dogara ne da bambanci tsakanin abubuwan da suke nan ko da mutane ko babu su, kamar nauyin dutse, da waɗanda samuwarsu ta rataya a kan ƙa'idojin da mutane suka kafa, kamar aure, da kuɗi, da alkawari. A cewarsa, ɗaukar nauyi yana cikin ma'anar alkawari, don haka wanda ya ce an yi alkawari ya riga ya ce an ɗauki nauyi.

Masu suka, ciki har da R. M. Hare na Jami'ar Oxford, sun amsa cewa akwai bambanci tsakanin bayyana ƙa'idar wani tsari da amincewa da ita. Mai binciken wata ƙungiyar 'yan fashi yana iya rubuta cewa bisa ƙa'idarsu, wanda ya rantse dole ya rufa asirin 'yan uwansa. Ya faɗi gaskiya game da ƙungiyar, amma bai ce lalle rufa asirin ya dace ba. Haka ma alkawari: daga bayani zalla, iyakar abin da ke fitowa shi ne cewa bisa ƙa'idar alkawari Jones zai biya. Kafin a kai ga cewa ya kamata ya biya da gaske, sai an amince cewa ƙa'idar alkawari ta cancanci a bi ta, wannan kuwa hukunci ne. Searle da magoya bayansa suna ganin wanda ke yin alkawari yana karɓar na wasu ya riga ya shiga tsarin, ba zai tsaya a gefe kamar baƙo ba. Muhawarar ba ta mutu ba har yau.

Ƙoƙari na biyu: manufar abu

Wata hanyar ta samo asali daga Aristotle, kuma Alasdair MacIntyre ya farfaɗo da ita a 1981. Akwai abubuwan da ake sanin su ta aikin da suke yi. Agogo abin nuna lokaci ne, don haka daga bayanin cewa wannan agogo yana ɓata lokaci sosai, ana fitar da cewa agogon ba shi da kyau, ba tare da wata ƙarin muƙaddima ba. Idan ɗan Adam ma yana da manufa ta asali, to daga sanin halittarsa da buƙatunsa za a iya sanin irin rayuwar da ta dace da shi. Philippa Foot ta bi irin wannan hanya, tana kwatanta nagartar halin mutum da lafiyar kowane mai rai gwargwadon jinsinsa.

Wahalar tana wajen tantance manufar. Ta agogo sananniya ce domin mutane ne suka ƙera shi don wannan aiki. Ta ɗan Adam kuwa ita ce ake saɓani a kai, kuma masu suka suna cewa duk wanda ya zaɓi wasu halaye ya kira su manufar mutum, ya bar wasu kamar hassada da son kai waɗanda su ma suna cikin halittarsa, to ya riga ya yi hukunci wajen zaɓen. Sannan "mai kyau" a wajen aiki ba lalle ya zama "ya kamata" na ɗa'a ba. Guba mai saurin kisa ta cika aikinta, amma wannan bai ba kowa izinin amfani da ita ba.

Batutuwa biyu masu kusanci

Ɗalibai kan haɗa giɓin Hume da hujjar G. E. Moore ta 1903, alhali sun bambanta. Hume yana magana a kan fitar da sakamako daga muƙaddimomi. Moore yana magana a kan ma'ana: ya ce duk abin da aka fassara nagarta da shi, misali jin daɗi, za a iya tambaya da hankali ko jin daɗin nan nagari ne, kuma tun da tambayar tana da ma'ana, to nagarta da jin daɗi ba abu ɗaya ba ne. Alaƙarsu ita ce, hanya mafi sauƙi ta cike giɓin Hume ita ce a fassara nagarta da wani abu da ake iya aunawa, Moore kuma wannan hanyar ya nemi toshewa.

Batu na biyu sananne ne ga masu karatun tauhidi. Ƙarnuka kafin Hume, malaman Musulunci sun yi muhawara a kan kyau da munin ayyuka. Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa hankali yana iya gano kyau ko munin wasu ayyuka daga yanayinsu. Ash'arawa sun ce kyau da muni, a ma'anar cancantar lada ko azaba, ta hanyar shari'a ake sanin su. Tambayar ba ita ce ta Hume daidai wa daida ba, amma duka biyun suna neman inda wajibci yake fitowa. Ta fuskar manɗiƙi, mai imani da ya ce Allah Ya yi umarni da abu kaza saboda haka wajibi ne, yana riƙe da muƙaddimar cewa Mahalicci Ya cancanci a yi masa biyayya, kuma da ita hujjarsa cikakkiya ce.

Iyakar abin da giɓin ya tabbatar

Kuskure mafi yawa a wajen sababbin ɗalibai shi ne ɗaukar cewa Hume ya tabbatar da ɗa'a son rai ce kawai, kowa da tasa. Giɓin bai kai nan ba. Daga muƙaddimomin da ba su ambaci lissafi ba ma ba a fitar da sakamakon lissafi, kuma wannan bai mai da lissafi ra'ayi ba. Wanda ya yarda akwai gaskiyar ɗa'a tabbatacciya yana iya karɓar giɓin, ya ce ana sanin tushenta ta hankali ko ta wahayi. Wanda yake ganin hukuncin ɗa'a bayyana abin da ke zuciya ne shi ma yana karɓarsa. Zaɓi tsakanin waɗannan yana buƙatar wasu hujjoji na daban.

Giɓin kuma bai rage darajar bayani ba. Yawancin hukunce-hukuncen yau da kullum suna da ƙafa biyu, ƙa'ida da bayani, kuma idan bayanin ya faɗi hukuncin ya faɗi. Iyayen da suka yarda cewa wajibi ne su kare lafiyar 'ya'yansu za su sauya abin da suke yi idan suka gano cewa ruwan wata rijiya yana sa cuta, ba tare da ƙa'idarsu ta sauya ba.

Abin da giɓin ya wajabta wa mai nazari aiki ne mai matakai huɗu: ya ware sakamakon hujja, ya jera muƙaddimomin da aka furta, ya rubuta muƙaddimar hukunci da ake buƙata kafin sakamakon ya fito, sannan ya gwada ta da misalan da za su iya karya ta. Hujjar ɗa'a da ta jure wannan gwaji ta cancanci a dogara da ita, wadda kuma ta kasa, an san daidai wurin da take buƙatar gyara.